Neman bakin yoyo: rufin gidan Inna a Ƙofar Marusa

Lahadi, 26 ga Mayu

Daren jiya aka yi ruwan farko mai ƙarfi a Katsina, da asuba Inna ta aiko a kira ni. Na tarar da roba uku da kwanon sha guda jere a ƙasa, an janye katifa gefe. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, “Kai, kwaltar taka ta bara ga abin da ta haifa.” Na yi shiru, don da gaskiyarta. Bara ni na hau da gwangwanin kwalta na bi kan kusoshi ina ɗiɗɗigawa, na sauko ina jin na gama da yoyo har abada.

Bana na ce zan riƙa rubuta duk abin da aka yi da ranar da aka yi shi, domin in aka sake ruwa in san wane gyara ne ya ci, wanne ne bai ci ba.

Ga yadda ginin yake. Tsohon sashe ɗaki biyu ne da falo, doronsa ya miƙe daga kudu zuwa arewa, wato gefe ɗaya na rufin yana fuskantar gabas, inda hadarinmu ya saba tasowa. Daga baya aka ƙara ɗaki biyu ta yamma, doronsu ya tafi gabas da yamma, sai rufin biyu suka haɗu suka yi kwari, abin da kafintoci ke ce wa gwata. Gwata biyu ce, amma ta cikin gida, wadda bishiyar bedi ke yi wa inuwa, ita ce a kan kusurwar ɗakin Inna. Kwanon duka na ƙarfe ne mai tudu da kwarmi, irin mai ƙafa shida da ake sayarwa falle ashirin a bandir.

Wuri uku ke zuba: tsakiyar falo, saitin gadon Inna, da kusurwar da akwatunanta suke. Na sa alli na zagaye kowane tabo a silin, na rubuta kwanan wata a gefensa.

Asabar, 1 ga Yuni

Na ɗauko tsohon kafintan da ya yi wa mahaifinmu aiki shekaru da dama. Baba nake ce masa. Na kai masa tsani jikin bango, ya ce a’a, a ciki za a fara. Muka ɓalle fallen silin ɗaya a falo, ni na shiga da tocila tun ƙarfe takwas, kafin wurin ya zama tanda. Gargaɗinsa ɗaya ne: kada ƙafata ta taɓa silin, katako kawai zan taka.

Da na kashe tocila sai ga rufin ya yi taurari. Ya miƙo mini tsintsiya, ya ce duk hudar da na ga haske in zura tsinke ya leƙa waje, domin in an hau sama a gane ta. Wannan dabara ta rage mana wahala ƙwarai, don hudar kusa daga sama ba ta da bambanci da ɗigon tsatsa.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tabon falo. Na duba kwanon da ke saitinsa, lafiyarsa lau, ko huda babu. Baba ya ce in bar kallon kwano in kalli katako. Sai ga baƙin layi a jikin rafta, kamar an ja da gawayi, ya hau sama. Na bi shi da rarrafe kusan taku huɗu, bai tsaya ba sai a doron rufin. Ashe ruwan can yake shiga, ya kama jikin katako ya gangaro, sai inda ya tarar da gaɓa ya ɗiga. Duk kwaltar da na zuba bara a saitin tabon nan, a kan lafiyayyen kwano na zuba ta.

“Ɗana,” in ji Baba daga ƙasa, “inda ya ɗiga adireshin silin ne, ba na ruwa ba.”

Haske kuma ba ya nuna komai da komai. Inda kwano ya hau kwano, ko ƙarƙashin hular doro, ruwa na iya wucewa ba tare da an ga ko ƙyallin rana ba. Can sai dai a karanta tabon katako.

Lahadi, 2 ga Yuni

Yau sama muka hau, bayan raɓa ta bushe kuma kafin rana ta yi zafi. Mun shimfiɗa faffaɗan katako muna takawa, inda babu shi kuma sai a bi layin kusa, tunda nan ne katako yake a ƙasa. Wayar wuta da ta shigo gidan ta ratsa kusa da bakin rufin ta kudu, muka yi nesa da ita.

A kan ɗakin Inna kaɗai mun sa wa kusa 41 alama, kuma ba ciwo ɗaya ke damunsu ba. Mafi yawa sun ɗago ne, hularsu ta rabu da kwano har farce na shiga. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano ya ji yana ƙas-ƙas da yamma. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, ya tsuke da sanyi. Fallen ƙafa shida, in zafinsa ya sauya da digiri 40, motsinsa bai kai milimita ɗaya ba, amma kullum ne, shekara da shekaru, ga iska tana ɗaga shi tana saukewa, ga katakon da ya bushe ya saki kusar. A hankali kusa ta fito, hudar ta faɗaɗa. Masu dogon rufin alminiyam abin ya fi yi musu yawa, domin alminiyam motsinsa ya kusa ninka na ƙarfe: mai ƙafa ashirin yana iya tafiya milimita biyar zuwa shida.

Wasu kusoshin kuma tun ranar farko ba su sami katako ba, sun wuce ta gefensa suna reto a iska. Irinsu ne na gani jiya daga ciki, tsininsu ya yi jajir da tsatsa, ruwa yana bin jikinsu kamar lagwani. Akwai waɗanda aka buga da ƙarfin tsiya har tudun ya loɓa ya zama ɗan tafki kewaye da kusar. Sai guda shida da wani ya kafa a cikin kwarmi, hanyar ruwa ke nan kai tsaye. A irin wannan kwano kusa a kan tudu take zama, domin tudu ruwa kaɗan yake gani, kwarmi kuwa duk ruwan da ya sauka daga sama ta cikinsa zai wuce.

Kwaltar bara ta tsattsage, ta yi ɓawo. Na ɓamɓare ɗaya, ƙarƙashinta da danshi da tsatsa sabuwa. Kusar tana motsi, kwalta ta bushe ba ta iya bin ta, sai ta tsage, ruwa ya shiga ya rasa ta inda zai fita. Wato na yi wa tsatsa ɗaki ne. Maƙwabcinmu ya leƙo ta katanga yana ba da shawarar a narka farin soson da ke zuwa cikin kwalin firji a fetur a liƙa. Na san abin yana kamawa, na ga ana yi, amma rana ɗaya ce ke gasa shi da kwaltar, ƙarshensu ɗaya. Ga fetur a kan kwano mai zafi, ba ni a ciki.

Asabar, 8 ga Yuni

Na so in ɗauki guduma in mayar da kowace kusa mazauninta, Baba ya hana. Ramin da ya saki kusa sau ɗaya zai sake sakinta, wata biyu ya yi yawa. Sai dai a cire a sa abin da ya fi ta kauri da tsawo.

Na sayo sukuru na rufi mai inci biyu da rabi, irin mai wasar ƙarfe, wato ɗan faifan da ke wuyansa, da baƙar roba a ƙarƙashinta, na aro na’urar ɗauri mai batir. Wajen cirewa, ana kwantar da guntun katako a cikin kwarmi a dogara guduma a kansa. Na gwada ɗaya ba katako, na murƙushe tudun, sai da muka ɗago shi daga ciki. Bayan an cire, a goge wurin da burushin waya, a sa sukurun a tsohuwar hudar, a tsaye cak, ba a karkace ba.

Ɗaurin shi ne inda hannu ke bambanta. Robar ce ke tare ruwa, ba ƙarfin ɗauri ba. In ta yi sako-sako har ana juya wasar da yatsa, bai isa ba. In ta fantsaro ta gefe ta baje, ko tudun ya fara loɓawa, an wuce, kuma rana za ta cinye robar da ta fito. Daidai shi ne ta ɗan kumburo kaɗan a bakin wasar a tsaya. Na ɓata guda biyar kafin hannuna ya gane.

Guda tara sun ƙi kamawa, suna ta juyawa a banza. Da muka duba daga ciki, katakon layin ne gara ta cinye cikinsa, saura ɓawo. Muka yanko sabon tu-bai-tiri, muka shafe shi da maganin gara, muka jingina shi jikin tsohon daga rafta zuwa rafta muka ɗaure, sannan aka yi sababbin huda a kan tudu saitinsa. Wannan ya bar mu da tsofaffin huda tara, ga na kusoshin da suka kuskure katako, ga shidan nan na cikin kwarmi. A nan ne kaɗai liƙi yake da hurumi, domin huda ce da babu abin da ke motsi a cikinta. Mun yi amfani da tef mai kwalta, wanda bayansa ke da farin alminiyam: a kankare tsatsa, a goge ƙura sarai, a yanka ya wuce hudar da inci ɗaya ko fi ta kowane gefe, a zagaye kusurwoyin da almakashi don kada su ɗago, a danna shi da gindin cokali ya bi siffar kwanon. Da ɗumin rana ya fi kamawa. A kan ƙura ko danshi kuwa asarar kuɗi ce.

Wani abu da ya kusa shige mini: na sayo silikon kwalba biyu. Baba ya buɗe ɗaya ya shinshina ya miƙo mini. Warin tsami ne mai hawa kai. Ya ce wannan na gilashi da bayan gida ne, tsaminsa yana cin farin da ke jikin kwano, wanda shi ne ke hana tsatsa. Akwai wanda ba shi da wannan wari, shi ake sa wa kwano. Mai shagon ya karɓa ya canja mini, bayan ɗan ja-in-ja.

Laraba, 12 ga Yuni

An yi ruwa daren jiya, ba iska sosai. Saitin gado ko ɗigo. Falo ma shiru, amma ban yarda da shi ba, tunda ba mu taɓa doro ba. Kusurwar akwatuna ta jiƙe kaɗan.

Da yamma na hau na duba gwata. Cike take da ganyen bedi da ’ya’yansa da ƙurar hunturu, sun cakuɗe sun zama laka, har da wata leda da ƙwallon yara. Na kwashe bokiti biyu, na kwarara ruwa ya wuce sumul. Na sauko na ce wa Inna an gama da kusurwa. Ta ce Allah ya sa.

Asabar, 22 ga Yuni

Hidimar Babbar Sallah ta tsayar da aiki. Ranar Alhamis kuma hadari ya taso daga gabas da iska mai tsanani, irin wadda ke fara turo jar ƙura kafin ruwa. Falo ya zuba kamar ba a taɓa hawa rufin ba. Yanzu na gane halinsa: ruwan da ya sauko a miƙe ba ya damunsa, sai mai iska.

Muka cire hular doron tsohon sashe. Fiffikenta inci biyar ne kowane gefe, kwanon kuma bai kai ƙarshen doro ba, saboda haka abin da ta rufe bai fi inci biyu ba a wasu wuraren. Hular a shimfiɗe take, tana zaune a kan tudu kawai, kowane kwarmi a ƙarƙashinta ƙofa ce a buɗe. Rufin namu kuma ba shi da tsayi sosai. In iskar gabas ta bugo, sai ta tura ruwan da ke cikin kwarmi ya hau sama maimakon ya gangara, ya yi inci biyun nan, ya faɗa ciki ta bakin kwanon. Wani can baya ya lura da haka ya cusa siminti a ƙofofin. Simintin ya rabu da kwano tuntuni, tunda shi ba ya motsi kwano na yi, ya zama ɓaraguzai masu riƙe danshi. Duk inda yake, bakin kwanon ya ci tsatsa.

Gyaran kashi biyu ne, kuma na farkon ko kwabo ba a kashe ba. Baba ya ɗauki filaya, ya bi bakin kowane kwarmi ta sama yana lanƙwaso shi ya miƙe tsaye daidai tsayin tudu, ya zama ɗan shinge. Ruwan da iska ta turo in ya zo nan sai ya tsaya ya koma. A hankali ake yi, domin tsohon kwano yana yagewa a kusurwa. Biyu sun yage, muka liƙe su da silikon ɗin kirki. Na ƙirga lokacin, gefen gabas gaba ɗaya bai ci awa biyu ba.

Na biyu, muka sa hula mai faɗi, fiffike inci tara, yadda za ta hau kwanon da inci shida ko fiye. Ɗaurinta a kan tudu ne, sukuru ya ratsa hula da kwano ya shiga katakon ƙarshe na sama, tudu ɗaya a ɗaure a tsallake ɗaya. Tsohuwar an kafa ta ne a jikin kwano kawai a wurare da dama, shi ya sa take kaɗawa.

Tunda muna sama, Baba ya leƙa doron sabon sashe, wanda ya tafi gabas da yamma. Can hular gunduwa-gunduwa ce, kuma duk bakin haɗin yana kallon gabas, ya hangame wa hadari. Wanda ya yi aikin daga gabas ya fara jerawa. Daidai shi ne a fara daga yamma, kowace gunduwa ta gabas ta hau kan ta yamma da inci shida, sai iska ta bi ta kan haɗin ta wuce. Bai fara zuba ba tukuna, amma muka kwance muka juya shi.

Talata, 9 ga Yuli

Falo ya ga ruwa mai iska sau biyu, ƙalau. Na goge allinsa.

Kusurwa kuwa ta kunyata ni. Daren Lahadi aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ruwa ya bi bango ya shiga bayan akwati, atamfofin Inna uku da ba a ɗinka ba suka jiƙe, ɗaya ta yi zuba a kan sauran. Ba ta yi faɗa ba, ta dai shanya su a igiyar da ke saitin ƙofa, inda duk wanda ya shigo zai gani. Da ta yi faɗan ya fi mini sauƙi.

Shara ba ita ce ciwon ba ke nan, ko kuma ba ita kaɗai ba. Yau muka yi gwaji da ruwa: ƙanena a sama da bokiti, ni a cikin silin da tocila. Ƙa’idar ita ce a fara daga ƙasa, a jiƙa wuri ɗaya na ɗan lokaci, in ba a ga komai ba a matsa sama. In aka fara daga sama, ruwan zai bi ko’ina, ba za a san ta ina ya shiga ba. Da yana zubawa a hankali cikin gwata, ba abin da ya fito sai da ya kai tsakiya, nan wani ɗigo ya fara. Da na ce ya sheƙa bokiti guda a kan kwanon tsohon sashe, sai ga ruwa ya tsallake gwatar ya shige ƙarƙashin kwanon ɗaya gefen, ya zubo ta bayan bakinta kamar an buɗe famfo. Ƙofa biyu ce ashe.

Na zauna na yi lissafi don in san abin da muke faɗa da shi. Daga bango zuwa saitin doro ƙafa goma ne ta kowane sashe, don haka rufin da ke juye wa gwatar nan ruwa ya kai murabba’in mita tara. Ruwan milimita ɗaya a kan murabba’in mita ɗaya lita guda ne. In aka yi milimita 30, lita 270 ke nan, jarka goma sha ɗaya, kusan kurar ɗan garuwa cike, kuma mafi yawansa cikin ɗan lokaci yake sauka. Duk wannan ta wata ’yar hanya da ba ta fi yatsa uku ba zai bi, don haka aka matse bakin kwanon gefen biyu. Sannan gwata kullum ta fi rufin da ke gefenta kwanciya, saboda a karkace take tafiya, hanyarta ta fi tsawo alhali tsayin da za ta sauka ɗaya ne. Ruwa ya fi yawa a inda ya fi tafiya a hankali. Ganye uku suka tokare, ya taru ya haura.

Asabar, 13 ga Yuli

Mun jira ranar da gari ya waye garau, muka tanadi tamfol ko da hadari zai yi mana ba-zata, muka kwance kwanon da ke bakin gwata ta gefe biyu. Abin da muka gani ya isa. Gwatar tsohon fallen kwano ne aka buge da guduma ya baje, faɗinta bai fi inci goma sha huɗu ba, bakinta a shimfiɗe ba lanƙwasa. Babu katako a ƙarƙashinta, ta yi ciki a tsakiya inda laka ke kwanciya, kuma daidai nan tsatsa ta yi mata ƙananan huda kamar rariya. Shi ne ɗigon farko. An kuma kafa kusoshi sun ratsa ta a wuri bakwai. Baba ya daɗe yana kallo, ya ce, “Araha ba ta ado.” Wannan ba abin liƙi ba ne, sai sabuwa.

Tsawon gwatar ƙafa goma sha huɗu da rabi. Na sayo shimfiɗaɗɗen farin kwano mai kauri, irin wanda maƙera ke yin akwati da shi, mai ƙafa huɗu da ƙafa takwas. Aka raba shi biyu a tsaye, kowane ya zama ƙafa biyu faɗi, takwas tsawo. In aka haɗa su da hawan inci goma, sun ba da ƙafa goma sha biyar da inci biyu, ya isa har da ɗan abin da zai leƙa waje a ƙasa. Maƙerin ya karya kowane a tsakiya, ya kuma naɗe bakin gefe biyun sama da rabin inci. Wannan naɗin shi ne zai tare ruwan da ya tsallako da gudu.

Muka fara shimfiɗa faffaɗan katako biyu a ƙasa, ɗaya kowane gefe, don gwatar ta sami abin kwanciya kada ta sake yin ciki. Gunduwar ƙasa aka fara sawa, ta sama ta hau kanta, da layi biyu na silikon a tsakaninsu. Ba kusa ko ɗaya a jikinta: ƙananan guntayen kwano muka yanka, muka maƙala su a naɗin bakin, su aka kafa wa kusa a katako. Haka za ta yi motsinta da zafi ba tare da ta yage ba.

Sannan muka ja zare muka rage bakin kwanon gefen biyu, hanyar ta buɗe inci biyar a sama, shida a ƙasa inda ruwa ya fi yawa. Duk da haka kowane gefe ya hau gwatar da fiye da inci takwas. Da almakashi muka yanka. Yaron Baba ya so a kawo injin yanka don sauri, Baba ya ce zafinsa yana ƙone farin kwanon, tartsatsin kuma duk inda ya sauka tsatsa ce. Wajen mayar da kwanon, sukurun ƙarshe a bayan naɗin yake tsayawa, ba ya shiga gwata. Falle uku tsatsa ta cinye bakinsu, muka canja su, sabon ya shiga ƙarƙashin na sama da inci takwas, gefe kuma hawan tudu ɗaya da rabi. Sabon kwanon da na samu bai kama ƙafar tsohon a kauri ba, da yatsa ake lanƙwasa shi.

La’asar ta yi muna share ɓurɓushin ƙarfe da tsintsiya. Hadari ya haɗu a gabas, ya tsorata mu, ya watse.

Lahadi, 4 ga Agusta

Malka ta kankama, ruwa kusan kwana bibbiyu. Jiya na tsaya a tsakar gida da lema ina kallon bakin gwata, ruwa na fita da ƙarfi har yana haƙa rami a ƙasa. Na sa durom a wurin, kafin a ɗauke ya cika ya tumbatsa. Kusurwa a bushe. Inna ta mayar da akwatunanta, amma ta ɗora su a kan bulo.

Saitin gado ya yi sabon ɗigo ɗaya ranar Laraba. Na hau na tarar da ɗaya daga cikin sukurun da na ɗaura a ranar farko, na matse shi har robar ta tsage. Na canja shi. Na bi sauran da yatsa, biyu sun ɗan yi sako-sako, na ƙara musu rabin juyi.

Asabar, 17 ga Agusta

Da safe ƙanena ya ce ya ga danshi a silin falo, gabana ya faɗi. Na shiga ciki tun kafin rana ta fito. Babu layi a katako, babu huda, sai dai duk cikin kwanon ya yi gumi, ɗigo ƙanana ko’ina, har a wuraren da ba a taɓa zargi ba, kuma jiya ba a yi ruwa ba. Raɓa ce ta ciki: iska mai danshi ta kwana a silin, kwano ya yi sanyi da asuba, ta zama ruwa a jikinsa. Ƙarfe tara ta bushe. Ramukan shan iska biyu da ke bangon silin an toshe su da tsumma tun hunturu saboda ƙura, na cire, zan sa musu raga.

Gwata ta sake tara ganye, amma yanzu hannu na shiga, minti biyar na kwashe. Reshen bedin da ya rufo kanta Inna ta ce ba za a sare ba sai bayan damina, a nan take shan inuwa da rana. Gwata ta biyu, ta bayan gida, na leƙa ta: hannu ɗaya ne ya yi su, faɗinsu ɗaya. Ba ta zuba ba tukuna don babu bishiya a kanta. Na yi magana da Baba, ya ce a bari sai Nuwamba in ruwa ya ɗauke, kuma in sayi kwanon tun yanzu kafin ya ƙara kuɗi. Fallen silin biyun da suka yi baƙi ma sai lokacin.